Kada mai karatu ya sayi bangon littafi sau 40

Maƙalar wannan mako ta waɗanda suka buɗe shafin kansu ce a intanet, suna ɗora labari babi-babi. Masu Blogger ku huta, Google ne ke riƙe da wannan saitin.

Mu a nan Gwarzo, yawancin masu bibiyar labaranmu da waya suke karatu, da datar da suka saya ta kwana ɗaya ko ta mako. Mutum yana Kabo ko Getso, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, kuma kullum sai ya dawo neman sabon babi. Shi ne wanda muka fi cuta ba da saninmu ba.

Mu ɗauka shafin babi ɗaya yana da hoton bango mai nauyin 400KB, da fayil ɗin salon rubutu mai fito da ƙ, ɗ da ɓ daidai, 150KB, sai labarin kansa, 30KB kacal. Littafin babi 40 ne. Bango da salon rubutu ba sa canzawa daga farko har ƙarshe, amma idan wayar tana sake sauke su a kowane babi, 550KB sau 39 ya haura 21MB. Duk labarin kuwa bai wuce 1.2MB ba.

Burauza tana iya adana fayil a cikin waya. Matsalar ita ce idan sabarmu ba ta faɗa mata tsawon lokacin da za ta riƙe shi ba, hasashe take yi: wani lokaci ta riƙe, wani lokaci ta koma tambaya, ko ta sake saukewa. Umarnin da ke raba gardama sunansa `Cache-Control`. Wanda shafinsa ke kan Apache zai sa wannan a fayil ɗin `.htaccess`:

```
<FilesMatch "\.(jpg|png|webp|woff2)$">
  Header set Cache-Control "public, max-age=31536000, immutable"
</FilesMatch>
```

Lambar nan daƙiƙoƙin shekara guda ce. Ma'anarsa: riƙe hoton nan da salon rubutun nan, kada ma ki tambaye ni. Wayar da ta cika tana iya share su kafin lokacin, wannan ba a hannunmu yake ba.

Sai dai akwai tarko, kuma mun faɗa ciki. Mun taɓa gyara bangon wani littafi saboda an rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa", muka ɗora sabon da tsohon sunansa, `bango.jpg`. Sababbin baƙi suka ga gyara, tsofaffin masu karatu suka ci gaba da ganin kuskuren, har ana yi mana tsiya a zaure. Wayoyinsu umarninmu suka bi. Da mun sa masa `bango-2.jpg`, muka canza sunan a shafin, da kowa ya samu sabon nan take.

Shi ya sa rubutun labarin ba a ba shi shekara. Mu da muke gyaran ƙa'idojin rubutu bayan mun wallafa? Shi `no-cache` ya dace da shi. Sunan yana ruɗarwa: bai hana adanawa ba, cewa yake a tambayi saba kafin a nuna. In babu canji, saba ta amsa da lamba `304`, 'yar gajeriyar amsa, wayar ta nuna wanda ke hannunta.

Yanzu batun CDN, wanda wasu ke ɗauka shi ne maganin komai. Shafukanmu da yawa sabarsu tana Turai ko Amurka, don haka kowace buƙata sai ta bi wayar ƙarƙashin teku ta dawo. CDN rumbuna ne a birane daban-daban da ke ajiye kwafin fayilolinmu kusa da mai karatu. Cloudflare yana da tsarin kyauta, yana kuma da cibiya a Legas. Ana haɗa shafi da shi ta hanyar canza adireshin `nameserver` a wajen da aka sayi sunan shafin.

Amma Legas ba Gwarzo ba ce. CDN yana rage nisan tafiya, ba ya rage abin da kamfanin waya zai cire: 400KB daga Legas daidai yake da 400KB daga Landan a lissafin data. Kuma a saitinsa na farko, Cloudflare hotuna da makamantansu yake ajiyewa, ban da shafin rubutun. A ganinmu a fara da `Cache-Control`, CDN ya biyo baya, musamman don baƙon farko da ranar da jama'a suka yi wa sabon babi rubdugu.

Don tabbatarwa, a samu kwamfuta a buga wannan, da adireshin hotonku:

```
curl -I https://example.com/bango-2.jpg
```

A duba layin `cache-control`, a ga shekarar ta fito. In an haɗa Cloudflare, a duba `cf-cache-status`: bugun farko yakan nuna `MISS`, wato sai da aka je sabar asali, na gaba ya kamata ya koma `HIT`. In `DYNAMIC` ya fito, ba a ajiye fayil ɗin a rumbun ba, sai a koma saiti.