Wasiƙar neman izini ba ta kwana a durowa

Malamin makaranta a Tudun Wada bai zaɓi ranar da zai tsaya gaban jami'in biza yadda yake zaɓen ranar cin kasuwa ba. Gurbin da ya samu shi ya kama. To, don me shugabansa zai jefa wasiƙar neman izininsa a durowa, yana ta ce masa "dawo gobe" har rana ta wuce? Wannan ba tsare doka ba ne, mugunta ce.

A yi lissafi. An ba malamin nan safiyar Talata a ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja. Dole ya tashi tun Litinin, ya fito Kwanar Dangora, ya bi Zariya da Kaduna, ya kwana. Laraba ya juyo. Kwana uku ke nan, amma wani shugaban sai ya sa hannu a kan kwana ɗaya, kamar fiffike gare shi. Na Doguwa ma da zai shiga Kano ɗaukar hoton fasfo ba zai yarda dare ya riske shi a dajin Falgore ba. Ga kuɗin bizar ziyara, dala 185 tun 2023, kuma ba a mayarwa. Albashin wata nawa ne? Wa zai biya shi idan rana ta kuɓuce?

Abin haushi, wannan jan ƙafa shi ke koya wa ma'aikata ƙarya. Mutum ya ce an yi masa rasuwa, alhali Abuja ya nufa. Ranar da asiri ya tonu, takardar tuhuma ce, kuma ba shi da abin kare kai.

Ma'aikaci, kai ma gyara naka. Ka rubuta ranar da ka samu gurbi, ba jajibiri ba. Ka faɗi ranar tafiya, ranar ganawa, ranar dawowa, da wanda zai riƙe maka aji. Ka maƙala kwafin takardar gayyata mai ɗauke da rana da lokaci, da shafin tabbacin DS-160, da shafin fasfo mai hotonka. Kwafi na ce: ainihin fasfo ba ya barin hannunka, bayanan asusun banki kuma ba ruwan ofis da su. Ka kai wasiƙa biyu ta hannun hedimasta, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata, ka tafi da ita. Izinin baki iska ne. Rubutacce kuwa har a Abuja zai yi maka rana, domin jami'in yana son ya gamsu kana da aikin da za ka dawo wa.

Ranka ya daɗe, mai biro, ba alfarma ake roƙo ba. Takarda ta zo da shaida, ka amsa cikin kwana biyu. In za ka hana, rubuta dalilinka, ka sa hannu da sunanka, mu gani ko zai karantu.