Kalma ɗaya ta kusa raba Kawuna da sansa na noma

1/ Jama'a, yau da 'yan bokon da ke karanta wa iyayenmu wasiƙun banki nake, har da ni kaina. Muna fassara kalmomin kuɗi da ka, tsofaffi su ɗauki maganarmu su je su sayar da kadara. Ku zauna ku ji abin da ya faru a gidanmu a Yankara.

2/ Kawuna manomin masara ne, yana ɗan taɓa awo. Ya ci bashin N300,000 a wani ƙaramin banki, da sharaɗin zai biya cikin wata 10. Kuɗin ruwa kashi 3 cikin ɗari ne na uwar kuɗin a kowane wata, wato N9,000. Wata 10 ya kama N90,000. Jimla N390,000, duk wata ya kai N39,000.

3/ Ya biya wata 4 lafiya lau, N156,000 ke nan. Sai hanya ta ɓaci, kun dai san halin da yankin Faskari ke ciki, kasuwa ta tsaya, wata 2 bai kai ko sisi ba. Sai ga wasiƙa da Turanci. Layi biyu ne suka tayar da hankalin gidan: "Outstanding balance: N234,000" da "Arrears: N78,000".

4/ Wani yaron unguwa da ya gama sakandare ya karanta masa. Ya ce: "Baba, ana bin ka bashin 234,000, da kuma bashin baya 78,000." Kawu ya haɗa a ransa, N312,000. Daren nan bai rintsa ba. Da na dawo hutu daga Zariya har an yi maganar wanda zai ja san zuwa kasuwar Sheme.

5/ Yaron bai yi ƙarya a kan ko lamba ɗaya ba. "Da kuma" ɗin nan ce ta jawo masifar. N78,000 tana CIKIN N234,000, ba ƙari ba ce a kanta. Ku cire 156,000 daga 390,000, saura 234,000. A ciki, 78,000 ce lokacinta ya wuce. Sauran 156,000 na wata 4 masu zuwa ne, ba wanda ya ce a kawo su yau.

6/ Na ce: "Kawu, a mayar da san nan turke. Abin da suke nema yanzu 78,000 ne." Ya dube ni ya ce: "Ɗana, to me ya hana su faɗa haka?" Wallahi har yau ban da amsa. Bari mu ɗauki kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

7/ "Principal". Kar a yi dariya, na taɓa jin wanda ya ce wai shugaban makaranta ne zai sa hannu. A takardar bashi ma'anarta uwar kuɗi, abin da aka damƙa maka kafin a ɗora komi. Kalmar nan tana bakin 'yan kasuwarmu tun kafin banki ya zo: uwa daban, riba daban. Wasu kuma su rubuta "jari". Jari abin da ka zuba a sana'a ne, yana iya zama naka na kanka.

8/ "Interest". Nan ne aka fi yin ɓarna. Da yawa sai su rubuta "riba". To a rubutun boko riba biyu gare mu masu haruffa iri ɗaya: ribar ciniki da kowa ke nema, da ribar da malamai ke hani a kanta. A baki ana iya bambance su, a takarda kuwa babu alama.

9/ Ka rubuta wa dattijo "za a ɗora riba kashi 3", shi ya fahimci ribar ciniki ce, ya sa hannu, daga baya ya gane abin da ya shiga. Ka cuce shi a aljihu, ka cuce shi a abin da ya yarda da shi. A rubuta kuɗin ruwa ƙarara, mutum ya zaɓa da idonsa buɗe.

10/ Haka in an juya. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba. A tsarin murabaha banki ne zai sayi kaya ya sayar maka da ƙari sananne. Wannan ƙarin ribar ciniki ce, Turancinta "profit". In mai fassara ya mayar da ita "interest", ya canza yarjejeniyar gaba ɗaya.

11/ "Arrears". Mu Hausawa mun ari kalmar tuni, muna cewa ariyas. Amma ku tambayi malamin firamare ko ɗan fansho: a wurinsa ariyas albishir ne, kuɗinsa ne da gwamnati ta riƙe za ta biya. A wasiƙar Kawu kuwa shi ake bi. Kalma ɗaya, fuska biyu.

12/ Saboda haka "bashin baya" ma bai isa ba, don mutum zai zaci wani tsohon bashi ne aka tono. Abin da ya kamata a rubuta: kuɗin da lokacin biyansu ya wuce ba ka biya ba, na wata kaza da wata kaza. Ya yi tsawo? Ya yi. Takarda ta fi sa araha.

13/ "Balance". A kasuwa muna cewa balas. A saƙon asusun ajiya, abin da ya rage maka ne. A takardar bashi, abin da ya rage a kanka ne. In ka ce "ragowar kuɗinka" a wuri na biyu, ka sa mai bashi murnar banza. Dole fassara ta faɗi wa ke bin wa.

14/ Saura kaɗan ni ma in tafka tawa. Kawu ya ce in rubuta musu amsa: "Zan cika ragowar bayan kaka." Hannuna har ya rubuta "balance". Da na aika haka, na ɗaure shi da alƙawarin N234,000 a dunƙule, da sa hannunsa a ƙasa. Na sake tambayarsa, ashe 78,000 ɗin yake nufi. Na goge na sa "arrears", na rubuta adadin a gefe.

15/ Masu cewa Hausa ba ta da kalmomin banki, ku yi haƙuri, lalaci ne. Uwar kuɗi, kuɗin ruwa, wa'adi, jingina, lamuni, duk namu ne. Abin da ya ɓace shi ne mai zama ya yi lissafin kafin ya buɗe baki. In ba ka iya nuna yadda lambobin wasiƙa suka haɗu ba, ba ka fahimce ta ba, balle ka fassara.

16/ Ku kuma masu ba da bashi a karkara: talla kuna yi da Hausa a rediyo, ranar neman kuɗi sai ku koma Turanci. Me zai ci muku in kun ƙara layi uku a ƙasa? Uwar kuɗin da ta rage: N180,000. Kuɗin ruwan da ya rage: N54,000. Daga cikin wannan jimla, wanda ake nema yanzu: N78,000.

17/ Kawu ya sayar da buhunan masara ya biya ariyas ɗinsa, san yana nan a turke. Ɗalibi ɗan'uwana, in an miƙo maka irin wannan takarda a hutun nan, ka nemi biro kafin ka ce uffan. Ka tambayi nawa aka karɓa, nawa aka biya, sau nawa aka tsallake. In lissafinka bai yi daidai da na wasiƙar ba, ku je bankin tare a buga muku bayanin asusun.