Me ya haɗa gangar mai da farashin rago a kasuwar Ɗan Isa?

Duk mai shiga kasuwannin kan iyaka, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, ya san tambayar farko ta safiya: yau nawa ake canjin jika? Kafin a taya rago ko buhun wake sai an ji amsa daga bakin 'yan canji. Shekara goma da 'yan kai baya, a 2014, jika guda ta sefa ba ta wuce naira 330 ko kusa da haka ba. A 2024 jikar nan ta kai wajen naira 2,500. Takardar sefa ba ta sake ba, ragon ma bai ƙara ƙaho ba. Abin da ya sake yana can nesa, a bakin teku, inda ake loda ɗanyen mai cikin jiragen ruwa.

Kafin mu yi nisa, a lura: in muka ce dala a nan, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Daga ina dala take shigowa?

Kuɗin ƙasa shi ma haja ne. In ya yi yawa a kasuwa ya yi araha, in ya yi ƙaranci ya yi tsada, kamar dai hatsi lokacin kaka da lokacin bazara. Ɗan kasuwar Kano da ke son sayo babura daga Sin ko magani daga Indiya ba zai biya da naira ba, sai ya nemi dala. Dalar kuwa Najeriya ba ta buga ta. Sai ta sayar wa waje wani abu kafin ta same ta, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ta daɗe tana sayarwa waje mai ne da iskar gas.

Mu ɗauki misali don lissafi. A ce ƙasa tana fitar da ganga miliyan ɗaya da rabi a rana. In ganga tana dala 100, dala miliyan 150 ke nan a yini. In ganga ta faɗo dala 50, miliyan 75 ke nan. Rabin dalar ya tafi, amma masu nemanta ba su ragu ba: mai sayo alkama yana nan, mai biyan kuɗin makarantar ɗansa a waje yana nan, maniyyaci aikin hajji ma yana nan. Mutane da yawa sun taru a kan dala kaɗan, kowa yana ƙara naira don ya samu. Wannan ƙarin da ake yi shi ne faɗuwar naira.

Akwai hanya ta biyu. Kuɗin mai babban kaso ne na abin da gwamnatin Najeriya take kashewa. In ya ragu, albashi da sauran hidimomi ba sa jira, sai a koma cin bashi, wani lokaci daga babban bankin ƙasa. Naira ta ƙara yawa a hannun jama'a daidai lokacin da dala ta yi ƙaranci. Sannan masu jari na waje, da ma attajiran cikin gida, da sun hango haka sai su yi maza su canza nairarsu kafin ta ƙara zubewa. Tsoron faɗuwar da kansa yake gaggauta ta.

Abin da ya faru daga 2014 zuwa 2017

A watan Yuni na 2014 gangar ɗanyen mai tana sama da dala 110. Zuwa Janairu na 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Babban bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya yi ƙoƙarin riƙe naira. Ya riƙa fitar da dala daga asusun ajiya yana sayarwa, sannan a 2015 ya hana dalar gwamnati ga masu shigo da kaya iri 41, ciki har da shinkafa. Farashin hukuma ya tsaya wajen naira 197 a kan dala ɗaya fiye da shekara guda.

Sai dai hana mutum dala a banki ba ya kashe masa buƙata. Ya koma wajen 'yan canji, farashin kasuwar bayan fage ya tashi ya bar na hukuma a baya. A 2016 kuma masu tayar da ƙayar baya a yankin Neja Delta suka fasa bututai, man da ake haƙowa ya ragu. A watan Yuni na shekarar banki ya saki naira, ta faɗi zuwa wajen 280, daga baya ta wuce 300. A farkon 2017 dala ta haura naira 500 a hannun 'yan canji.

Ga yadda abin ya iso mana. A ce makiyayi a Gabi ko Safo yana son jika 100 a kan ragonsa. A 2014 dillalin Katsina zai kawo naira 33,000 ya ɗauka. A farkon 2017, da jika ta kai wajen naira 800, ragon nan ya zama naira 80,000 a wurinsa, alhali mai saye a Katsina albashinsa bai ninka ba. Dillali ba zai iya ba. Ko dai makiyayi ya sassauta ya karɓi jika 60 ko 70, ko ya koma gida da dabbarsa. Haka mai wake, haka mai albasa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, mai sefa a aljihu in ya tsallaka Jibiya sai ya ga kaya sun yi masa araha. Faɗuwar naira riba ce ga mai saye daga Najeriya, asara ce ga mai sayar mata. 'Yan uwanmu da ke ci-rani a Kano, Abuja ko Legas su ne suka fi jin jiki: naira 50,000 da ta kan zama jika 150 a 2014, a canjin 2024 jika 20 ce kawai take isowa gida.

To me ya sa sefa ba ta rawa haka?

Ai mu ma kayan ƙasa muke sayarwa: yuraniyom na Arlit, zinariya, dabbobi, albasa, ga kuma man Agadem da aka fara lodawa a tashar Seme ta ƙasar Benin a 2024. Amma sefa ɗaure take da yuro. Tun 1999 yuro ɗaya yana daidai da sefa 656 ba kaɗan, wato dala 131 da ɗan ɗori a lissafinmu na kasuwa, kuma bai motsa ba. Ƙasashe takwas ne suke amfani da ita, suna tara kuɗin wajensu a rumbu guda a bankin BCEAO da ke Dakar. Kokon Kodebuwa, zinariyar Mali da Burkina Faso, audugar Benin da man Nijar duk a nan suke haɗuwa. Da wuya duk su faɗi a shekara ɗaya, in wani ya yi ƙasa wani ya tallafa. Ga kuma lamunin da baitulmalin Faransa ya yi na riƙe wannan canji.

Wannan ba ya nufin ciwon ba ya zuwa. In kuɗin ƙasa bai faɗi ba, nauyin sai ya sauka wani wuri: kasafin gwamnati ya matse, bashi ya yi wuya a bankuna, kayanmu su yi wa maƙwabta tsada. Kuma ɗaurin ma yana da iyaka. Manya cikinmu suna tuna Janairu na 1994. Bayan shekaru ana fama da faɗuwar farashin koko, kofi, auduga da yuraniyom, an wayi gari an raba darajar sefa biyu: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Farashin kayan ƙasa ya kama sefa ita ma, sai dai ita a dare ɗaya ta biya.

Alhazai sun san wani misali. Riyal na Saudiyya yana kan 3.75 a dala ɗaya tun 1986, duk da ƙasar mai ce. Sirrin shi ne ajiya mai yawa da aka tara lokacin da mai yake tsada. Mai rumbu cike ba ya tsoron bazara.

Tsadar mai kaɗai ba ta isa ba

Wani zai ce, to in mai ya tashi ai naira za ta tashi. Shekarar 2022 ta nuna ba dole ba ne. Bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren ganga ta wuce dala 100, amma dala ta haura naira 700 a kasuwar bayan fage. Dalili na farko, sata da fasa bututai sun sa ɗanyen man da ake haƙowa ya faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana a watannin Agusta da Satumba. Farashi mai kyau ba ya amfanar wanda ba shi da kayan sayarwa. Na biyu, a wancan lokacin Najeriya tana sayo tataccen fetur daga waje da dala, gwamnati kuma tana biyan tallafi a kansa. Duk lokacin da mai ya yi tsada, abin da ya shigo ta ƙofa sai ya fita ta taga. Wani ɓangare na wannan fetur mai tallafi shi ne ruwa-ruwan da muka daɗe muna saye a kwalabe a bakin hanyar Maraɗi.

Da Bola Tinubu ya cire tallafin ranar 29 ga Mayu 2023, sannan aka saki naira a watan Yuni, farashin hukuma ya tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700, a farkon 2024 ya wuce 1,500. Wannan karon ba faɗuwar ganga ce ta jawo ba. Giɓin da aka ɓoye shekaru ne ya fito fili.

Abin da ya kamata a sa wa ido

Ga mai fatauci da mai aiko da kuɗi gida, alamu uku sun fi amfani. Ta farko farashin ganga tare da yawan man da Najeriya take fitarwa, don ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya. Ta biyu asusun ajiyar babban banki: in yana raguwa wata bayan wata, ƙarfin riƙe naira ne yake ƙarewa. Ta uku tazara tsakanin canjin banki da na 'yan canji. In ta yi faɗi ƙwarai, kamar a 2016 da farkon 2023, ba a daɗewa hukuma take bin sahun kasuwa. A irin wannan lokaci, wanda ya ba da dabbobi bashi da naira sai bayan wata uku, shi ne zai ɗauki asarar.

Darasin ya shafi Nijar kai tsaye. Ana ta muhawara kan ko ƙasashen ƙawancen Sahel, wato Nijar, Mali da Burkina Faso, su yi kuɗinsu na kansu. Ko mene ne ra'ayin mutum, lissafin bai sake ba: darajar sabon kuɗin za ta rataya ne a kan zinariya, mai, yuraniyom da auduga, da kuma yawan abin da aka ajiye a shekarun da suke tsada. Bututun Agadem an yi shi don ganga 90,000 a rana. In ganga ta sauka da dala 20, darajar abin da yake ɗauka ta ragu da dala miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas kowace rana. A yau rumbun ƙasashe takwas ne yake shanye irin wannan giɓi. Tambayar da ya kamata a yi wa duk mai magana kan sabon kuɗi ita ce: ranar da ganga ta faɗi, daga wane rumbu za a ɗebo?