Idan Fitilar Mota Na Kashe Maka Ido Da Dare

Mai karatu, in da rana kana tuƙi lafiya lau, amma da dare fitilun motocin da ke tunkaro ka sai su baje ko su yi zobe, kada ka yi saurin cewa yanar ido ce. A cikin duhu ƙwayar ido takan buɗe sosai, sai ƙaramar matsalar da rana ta ɓoye ta fito fili.

Ka fara da goge gilashin motar ciki da waje, domin ƙura da maiƙo su ma suna baza haske. Daga nan ka ƙyafta ido sau da yawa. Idan gani ya washe na ɗan lokaci sannan ya sake dusashewa, wataƙila bushewar ido ce. Iskar na'urar sanyaya mota na jawo ta, haka ma wasu magungunan mura, waɗanda kuma ke sa barci.

Gwajin da na fi so ba ya cin ko kwabo. Ka huda kwali da allura, ka rufe ido ɗaya, ka leƙa lambar wata mota daga nesa ta cikin hujin, da rana. Sannan ka sauya ido. A ce direba ne ɗan shekara 35 da ke bin hanyar Legas zuwa Ibadan: ba ya iya karanta lambar, amma ta huji sai ta fito tar. Wannan galibi tabarau yake buƙata, a auna shi a ba shi. Ban da na tallan bakin titi masu ruwan ɗorawa, waɗanda rage hasken da ke shiga ido suke yi.

In kuwa ɗan shekara 60 ne, hujin bai ƙara masa komai ba, hazon ya yi watanni yana ƙaruwa ba ciwo, launuka sun koɗe, to a fi zargin yana, amma sai likitan ido ya duba ya tabbatar. Mai ciwon suga kan same ta da wuri. Babu maganin ɗigawa da ke narkar da yana, aiki ake yi a sa wani madubin. Abin da ke damuna a matsayina na mai harhaɗa magunguna shi ne masu sayen maganin ɗigawa mai sitiroyid saboda ƙaiƙayi, su yi watanni suna sawa. Shi kansa yana haddasa yana, yana kuma ɗaga matsin cikin ido.

Akwai wanda ba ya jiran gwaji. Idan zoben mai launin bakan gizo ne, ya zo farat ɗaya tare da jan ido, ciwo mai tsanani, ciwon kai ko amai, yana iya zama gilakoma mai tasowa nan take. Ka ajiye makullin mota, wani ya kai ka asibiti a daren, domin jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya tafiya da ganin idon.