Amshi ba karatu ba ne: jan hankali ga malaman yaƙi da jahilci a Jabo

A Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, malamin ajin manya ba zai sha wahalar samun amshi ba. Yawancin ɗalibansa sun taso a makarantar allo, kunnensu ya saba da a biya su maimaita. Hanyar tsohuwa ce a ƙasar Sakkwato, domin da waƙoƙin haddacewa jajojin Nana Asma'u suka karantar da matan ƙauyuka a ƙarni na 19.

Sai dai amshi yana ɓoye wanda bai gane ba. Mutum 30 za su ɗauka da murya ɗaya, alhali 5 ne ke kallon allo, sauran bakin na kusa da su suke bi.

Gyaran ba shi da wuya. Malami ya ba da gajeren labarin manomin da ya kai gero kasuwa, ya ciro kalmar "gero" ya rubuta, ya raba ta: ge, ro. Daga nan a rera ga, ge, gi, go, gu da ra, re, ri, ro, ru, sanda na kan kowace gaɓa. Da gaɓoɓin nan 10 ɗalibi zai haɗa goro, riga da gari da kansa.

Sannan a tsayar da amshin. A hargitsa jerin, a nuna "gu" kafin "ga", a tambayi mutum ɗaya. Wanda ya ce "ga" haddacewa ya yi, bai karanta ba. In dattijo ne, gara a gwada shi a gefe, don wanda aka kunyata gaban ƙannensa da wuya ya dawo aji gobe.