Kasafin kuɗin Birtaniya: Me ya sa fam ɗin gwamnati ba ya haihuwa da yawa?

A ranar 30 ga watan Oktoban 2024, ministar kuɗin Birtaniya, Rachel Reeves, ta gabatar da kasafinta na farko a gaban majalisar dokoki da ke Landan. Kasafin ya ƙara abin da gwamnati ke kashewa da kusan fam biliyan 70 a kowace shekara. Kimanin rabin kuɗin daga ƙarin haraji zai fito, sauran kuma daga rance.

Sai dai OBR, ofishi mai zaman kansa da ke yi wa kasafin ƙasar hasashe, ya ce bunƙasar da za a samu ba za ta wuce kashi 0.6 cikin 100 na arzikin ƙasa ba a lokacin da ta kai ƙololuwa, sannan ta dusashe cikin shekaru kaɗan.

Ta yaya irin waɗannan maƙudan kuɗi za su haifar da ɗan abu haka? Amsar tana cikin wani lissafi da masana tattalin arziki ke kira ninkin kashe kuɗin gwamnati.

Abin da ninki ke nufi

Richard Kahn na Jami'ar Cambridge ne ya tsara lissafin a 1931, kafin malaminsa John Maynard Keynes ya mayar da shi ginshiƙin littafinsa na 1936.

Tushen maganar shi ne, kuɗin da wani ya kashe shi ne kuɗin shigar wani. Idan gwamnati ta biya magini, maginin zai biya mai shago, shi kuma mai shago ya biya ma'aikacinsa. Jimillar kuɗin shigar da fam ɗaya ya samar a wannan zagayawa ita ce ninki.

Da a ce mutane suna kashe kashi 80 cikin 100 na duk ƙarin da suka samu, kuma babu haraji babu sayayya daga waje, da fam 100 ya zama 80 a hannu na biyu, 64 a na uku, har jimilla ta kai fam 500. Ninki ya zama 5 ke nan. Amma babu ƙasar da haka ke faruwa a cikinta, domin kuɗi na yoyo a kowane zagaye, kamar ruwa a cikin guga mai huji.

Huji uku

Bari mu ɗauki misali da alƙaluman da suka yi kusa da yanayin Birtaniya, inda haraji ke cin sama da kashi ɗaya bisa uku na arzikin ƙasa, kayan da ake shigowa da su kuma suke kusan kashi 30 cikin 100.

A ce gwamnati ta biya fam miliyan 100 na albashin ma'aikatan gyaran asibitoci a Landan. Haraji zai ɗauke miliyan 35, a bar ma'aikatan da 65. Za su adana kashi ɗaya bisa biyar na wannan, wato miliyan 13, su kashe 52. A cikin 52 ɗin, miliyan 30 za su tafi kan kayan waje, irin su motar Jamus da wayar China da tumatirin Sifaniya. Abin da ya rage wa 'yan kasuwar cikin gida shi ne miliyan 22 kawai.

A zagaye na gaba, miliyan 22 za su koma ƙasa da miliyan biyar, daga nan kusan miliyan ɗaya, sai abin ya ƙare. Jimilla ta zama kimanin fam miliyan 128. A rubuce, ƙa'idar ita ce:

```
k = 1 / (1 - c(1 - t) + m)
k = 1 / (1 - 0.8(1 - 0.35) + 0.3) = 1.28
```

A nan c ita ce rabon da ake kashewa daga kuɗin da ya rage bayan haraji, t ita ce rabon haraji, m kuma rabon kuɗin shiga da ke tafiya kan kayan waje. Haraji shi kaɗai ya sauko da ninki daga 5 zuwa kusan 2, kayan waje kuma suka ƙara sauko da shi zuwa 1.28.

Lissafin ya kuma amsa wata da'awa da 'yan siyasa ke yawan yi, cewa aikin gwamnati zai biya kansa. Kashi 35 cikin 100 na miliyan 128 shi ne kusan miliyan 45. Wannan ne abin da zai koma baitulmali. Kimanin miliyan 38 sun tsallaka teku, 17 kuma suna asusun ajiyar jama'a. Giɓin kasafi ya ƙaru da miliyan 55, giɓin ciniki da waje shi ma ya faɗaɗa.

Me ya sa alƙaluman OBR suka fi haka ƙanƙanta?

Lokacin da George Osborne ya kafa ofishin a 2010, ninkin da aka yi aiki da shi shi ne 1 ga manyan ayyukan raya ƙasa, 0.6 ga ayyukan yau da kullum da tallafin jin daɗin jama'a, sai 0.3 ga harajin kuɗin shiga.

Dalili na farko shi ne, ita kanta gwamnati tana sayayya daga waje. Idan rabin kuɗin asibitin ya tafi kan na'urorin da aka ƙera a wata ƙasa, miliyan 50 ne kawai suka shiga zagayen farko, jimilla ta faɗi zuwa 64.

Na biyu, ƙa'idar ta ɗauka cewa akwai ma'aikata da masana'antu da ke zaune ba aiki, kuma kuɗin ruwa ba ya motsi. Idan kowa yana da aiki, ƙarin buƙata farashi yake tayarwa, sai Bankin Ingila ya riƙe kuɗin ruwa a sama, kamfanoni su rage zuba jari. Lokacin kasafin Reeves, kuɗin ruwan bankin yana kashi 5 cikin 100.

Shi kuwa rage haraji ya fi rauni ne saboda ba shi da zagayen farko: tun kafin kuɗin ya shiga kasuwa an adana wani ɓangare, wani kuma ya nufi waje.

Lokacin da kuskure ya yi tsada

Ninki yana aiki ta ɓangare biyu, domin rage kashe kuɗi shi ma ninkuwa yake yi. A watan Oktoban 2012, Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya wallafa binciken Olivier Blanchard da Daniel Leigh, wanda ya nuna cewa masu hasashe sun yi aiki da ninki na kusan 0.5 a shekarun tsuke bakin aljihu, alhali na gaskiya yana tsakanin 0.9 da 1.7.

Sun gane haka ne ta hanyar duba kurakuran hasashe: ƙasashen da suka fi rage kashe kuɗi su ne suka fi gaza kai wa ga bunƙasar da aka yi musu hasashe. A lokacin kuɗin ruwan Birtaniya yana kashi 0.5 cikin 100, saboda haka babban banki ba shi da sararin rage shi don rage raɗaɗi. Ƙasashen Turai kuma suna tsuke aljihu a lokaci guda, kowacce tana rage sayen kayan maƙwabciyarta. Masu sukar Osborne sun riƙe wannan a matsayin hujja, OBR kuwa bai sauya alƙalumansa a lokacin ba.

Ga ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, hujin haraji ƙarami ne, amma na kayan waje yana da faɗi a manyan ayyuka. Layin dogon da aka shigo da ƙarafunansa da taragunsa daga waje, ninkinsa a can masana'antun waje yake zagayawa. Don haka tambayar da ta dace a yi wa kowane kasafi ita ce: daga cikin kowace naira 100, nawa ne zai kai hannu na biyu a cikin gida?