"Ai ni an biya ni" ba hujja ba ce

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Jiya bayan La'asar wani ƙanena da muke aiki tare ya biyo ni har gida Arkilla, yana so in sa masa hannu a takardar bashin ƙungiyarmu ta ma'aikata, naira dubu 300. Na tambaye shi me zai yi da su. Ya ciro waya ya nuna min wani guruf na WhatsApp da ake zuba kuɗi a ninka su cikin kwana 30. Ya ce: "Yaya, wanga ba irin waɗancan na ba. Abokina da idona na ga alat ɗinai, an biya shi har sau biyu." Ban sa hannun ba, kuma na san ya tafi da fushina. Na yi masa alkawarin zan rubuta dalilina, to ga shi, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Bari in fara da tonon asirin kaina. Shekarun baya ni ma na zuba dubu 50 a wani irin wannan. Aka biya ni. Murna ta sa na mayar da dubu 150, na kuma jawo ƙanwata ta sayar da tumakinta biyu ta shiga. Sati uku bayan nan shafin ya ƙi buɗewa. Nawa kuɗin na daɗe da mantawa da su, amma tumakin nan har yau idan mun haɗu wurin suna ko biki sai na ji nauyi. Don haka ba wayo na fi kowa ba, riga ku shan duka na yi.

Abin da na koya tambaya ce guda ɗaya: kuɗin da za a ba ni, daga aljihun wa za su fito? Mai sayen albasa lokacin kaka ya ajiye a rudu zai iya gaya maka amsarsa: farashi zai tashi bayan wasu watanni, wata za ta ruɓe, wata shekarar ma a faɗi. Mai kiwon ragon layya haka. Duk sana'ar gaskiya tana da wurin da riba ke fitowa, tana kuma da ranar faɗuwa. Wanda ya yanke maka riba tabbatacciya, da ranarta, ba faɗuwa, ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko kuma ya sani sarai.

Mu ɗauki CBEX, tunda ba a daɗe ba. Alkawarinsu shi ne ka zuba kuɗinka da dalar kirifto ta USDT, su yi maka ciniki, bayan kwana 30 ka samu ninkinsu. To mu yi lissafin 'yan firamare. Dubu 100 idan ana ninka ta kowane wata, a wata na 12 ta zama naira miliyan 409 da dubu 600. A wata na 24 ta haura tiriliyan ɗaya da rabi, wato ta fi kasafin kuɗin Jihar Sakkwato na shekara guda. Daga dubu 100! Wanda ya mallaki irin wannan sirri, don Allah me zai yi da albashinka na mataki na 8? Me ya sa zai riƙa ba ka lada don ka kawo masa maƙwabcinka?

Amsar ita ce ba wani ciniki. Kuɗin na baya ake ba na gaba. A ce mutum 10 sun zuba dubu 100 kowannensu a watan farko, mai shirin ya soke miliyan ɗayan nan a aljihu. Ƙarshen wata ana binsa miliyan 2, don haka yana buƙatar sababbin mutum 20. Wata na gaba 40, sai 80, sai 160. A wata na 10 yana neman mutum 5,120, a wata na 20 kuwa sama da miliyan biyar. Mutanen dole su ƙare. Kuma ku lura, ko da an tsaya a wane wata, waɗanda suka shigo a zagayen ƙarshe, waɗanda ba za su ga ko sisi ba, sun fi duk waɗanda aka taɓa biya yawa. Shi ya sa nake cewa alat ɗin abokinka ba hujja ba ce. Biyan na farko shi ne kuɗin talla. Tsaba ce ake watsa wa kaji kafin a rufe akurki.

Ƙarshen CBEX kowa ya gani. A watan Afrilu 2025 aka dakatar da cire kuɗi, sannan mutane suka wayi gari asusunsu ya koma sifili. A Ibadan fusatattu suka fasa ofishinsu suka kwashe kujeru da na'urar sanyaya ɗaki. Bayan haka kuma aka ce wa mutane su sake biyan dala 100 ko 200 na tantancewa kafin a sakar musu kuɗinsu. Wanda ya ga MMM ba zai yi mamaki ba: su kashi 30 cikin 100 suka yi alkawari a wata, suka kulle asusun mutane a Disamba 2016, daidai lokacin da kowa ke son cira. Suna ne kawai ke canzawa. Duk ranar da ka ji "muna gyaran manhaja", ko "a biya kuɗin buɗe asusu kafin a cira", to an riga an yi jana'izar kuɗin, ana neman na sadakar uku ne.

Ƙanen nawa ya nuna min takardar rajistar CAC da aka liƙa a guruf ɗin. Jama'a, takardar CAC tana nuna an yi wa sunan kamfani rajista ne kawai, irin wadda mai shagon ɗinki ma zai iya yi. Ba lasisin karɓar kuɗin jama'a a juya ba ne. Wannan izinin hukumar SEC ke ba da shi, kuma sunayen waɗanda ta yi wa rajista suna shafinta na sec.gov.ng, kowa zai iya dubawa da wayarsa. SEC ta fito ta ce CBEX ba ta da rajista da ita. Sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu kafa irin wannan shiri. Masu ɗaukar hoto da kuɗi a hannu suna raba lambar gayyata, ku san a wace inuwa kuke zaune.

Sai rabon kyauta na bogi. Shi ko wahalar jiran kwana 30 ba ya ba ka. A ranar 15 ga Yuli 2020 'yan kutse sun ƙwace shafukan Twitter na Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk, suka rubuta cewa duk wanda ya turo Bitcoin za a mayar masa ninki biyu. Cikin 'yan awoyi mutane suka tura abin da ya haura dala dubu 100. Shafukan na gaske ne, saƙon ne na ƙarya. Irinsa ke faruwa a nan idan aka sace WhatsApp ɗin wani malami ko shugaban ofis da kuke girmamawa, sai ku ga ya rubuta: na zuba dubu 50 na samu dubu 100 cikin awa ɗaya. Kira shi a waya, ka ji muryarsa, kafin ka tura ko kwabo.

Na tallafi kuwa, wanda ake liƙa hoton gwamna ko wani attajiri, abin da suke nema a wurinka shi ke tona su. Ko su ce ka fara biyan dubu 2 na rajista, ko ka tura saƙon zuwa guruf goma kafin ka karɓa, ko su nemi lambar katinka na ATM da PIN, ko OTP da banki ya turo maka, ko lambobi shida da WhatsApp ya aiko. Mai ba ka kyauta lambar asusunka kaɗai ta ishe shi. Shafin gwamnati kuma adireshinsa yana ƙarewa ne da .gov.ng. Kyautar da sai ka biya, ciniki ne, kuma kai ne hajar.

Na ukun ya fi kama matasanmu masu ilimi, musamman waɗanda suka fara da mayinin a waya suka ga kirifto ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Guruf ne a Telegram, admin ya ce ƙarfe tara na dare zai faɗi sunan wani sabon sulen kirifto, kowa ya saya tare a ɗaga shi. Abin da bai faɗa ba shi ne ya riga ya saya tun shekaranjiya. A ce ya ɗebi guda miliyan ɗaya a kan naira ɗaya-ɗaya. Sulen ƙarami ne, masu cinikinsa kaɗan, don haka da kun rufa masa sai farashi ya haura naira 8. Shi kuma a daidai lokacin yake sayarwa, yana rubuta muku "a riƙe, kada a sayar". Wa ya saya daga hannunsa? Ku. Da ya gama sai farashi ya dawo ƙasa da naira ɗaya, wanda ya zuba dubu 80 ya tashi da abin da bai kai dubu 10 ba. Duk wanda ya taɓa zuwa kara ya san dillalan da ke haɗa baki suna taya dabba don baƙo ya ɗaga. Wannan ita ce, an dai sa mata rigar zamani.

Ko sunan mashahuri ba kariya ba ne. Sulen $DAVIDO da aka fitar a ƙarshen Mayu 2024 ya yi tashin gwauron zabi sannan ya rikito ba da jimawa ba, har SEC ta fitar da gargaɗi a kansa a watan Yuni. Kafin ka sayi irin wannan, tambayi kanka: wa ya riga ni saye, kuma wa zan sayar wa? Idan amsar ta biyu ita ce "wanda zai shigo bayana", to ka dawo kan lissafinmu na mutum 10 da 20 da 40.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa: "Ai mun sani, shiga da wuri ake yi a fita da wuri." To ka sani ba ka san ranar rufewa ba, mai shirin kaɗai ya sani. In ma ka dace ka fita, ribar nan ba daga sama ta faɗo ba. Kuɗin wata ce da ta sayar da tumakinta. Ni dai ban san sunan da zan kira wannan ba in ba cin haƙƙi ba.

Na san albashi ba ya kai mu ƙarshen wata, ni ma cikinta nake. Amma dubu 300 ɗin nan wata goma za a yi ana yankar 30-30 daga albashinka, ko shafin yana nan ko ya ɓace. Ƙanena, ka yi fushinka na sati ɗaya, ya fi min sauƙi da in gan ka kana ɓuya ga mai shago. Wanda kuma abin ya taɓa ci, ya daina jin kunya ya ba da labarinsa a nan ƙasa, don shirunmu ne jarin mutanen nan.

Allah Ya tsare mana ɗan abin da muka samu da guminmu, Ya sa masa albarka.